Yadda ake shawo kan kwaɗayin tsakar dare, musamman ga mu 'yan Jos masu zaman teburin mai shayi

Mutum ya ci tuwonsa bayan Magariba ya ƙoshi, an yi Isha'i, an ɗan taɓa hira, wajen sha ɗaya na dare sai kawai ya ji cikinsa na kiran ciroma kamar bai sa komai a baki ba tun safe. Kuma abin lura shine ba kowane abinci rai ke so a lokacin ba, indomi da ƙwai ake so, ko tsire mai ƙuli, ko burodi da shayi mai kauri, ko a buɗe firij a ɗauko lemo. A nan Jos ma abin ya fi yawa saboda sanyi, in Disamba da Janairu suka shigo ka zaga Bauchi Road ko Unguwar Rogo ko Gangare da daddare kaga yadda ake cika benci a wajen masu shayi.

Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shine, mafi yawan yunwar dare da rana ake haɗa ta. Wanda ya tsaya sai sha ɗaya na dare yana gaban kaskon indomi sannan zai fara kokawa da zuciyarsa, gaskiya ya makara, gyaran yana farawa ne tun daga karin kumallo.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a jiki dan matakan su zauna da kyau. Akwai sinadarai biyu da ke da hannu sosai a harkar jin yunwa, ɗaya sunansa girelin, ciki ne ke fitar da shi ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa a kawo abinci, ɗayan kuma leftin, daga kitsen jiki yake fitowa yana sanar da ita cewa akwai ajiya ba sai an ƙara ba. Ƙarancin barci yana hargitsa su biyun. A 2004 masu bincike a jami'ar Chicago sun hana wasu samari lafiyayyu isasshen barci, awa huɗu kawai suke samu na dare biyu, sai aka ga girelin ɗinsu ya hau da kusan kashi 28 cikin ɗari, leftin ya sauka da kusan kashi 18, kuma abin da suka fi kwaɗayi shine kayan zaƙi da kayan gishiri da na fulawa. Bayan wannan kuma agogon jikin ɗan Adam shi kanshi yana sa sha'awar abinci ta fi ƙarfi da yamma zuwa farkon dare, ta yi ƙasa da sassafe. Toh ka haɗa wannan da wanda bai ci abin kirki da rana ba, ga gajiya ga sanyi ga waya a hannu, ai dole a nemi mai shayi.

Mu ɗauki misalin mutum ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce saurayi ne mai tsaron shago a Terminus, gidansu na Unguwar Rogo. Ya tashi Asuba, ya koma ya ɗan rintsa, ƙarfe takwas ya fita bai karya ba saboda wai baya jin cin komai da safe. Wajen sha ɗaya ya sha shayi da burodi, da Azahar kasuwa ta yi zafi babu lokacin zama sai lemo ɗaya da fanke ko biskit. Ya dawo gida bayan Magariba a gajiye ya ci tuwon masara malmala biyu da miyar kuka, ba nama ba wake. Bayan Isha'i ya fita majalisa, sha ɗaya da rabi ya ce wa mai shayi a dafa mai indomi biyu da ƙwai biyu a haɗo da shayi mai madara. Ya kwanta wajen ɗaya na dare bayan ya gama da waya, biyar ya tashi.

In ka lissafa wannan cin na ƙarshe kaɗai, a awon kalori, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki, ƙaramar indomi mai giram 70 tana haura 300, biyu kenan sun haura 600, ƙwai biyu wajen 150, man da mai shayi ke zubawa a kasko kowane babban cokali kusan 120 ne kuma da wuya ya tsaya a cokali ɗaya, ga madara da suga a shayi. An wuce 1,000 cikin sauƙi, alhali abin da babban mutum ke buƙata a yini gaba ɗaya bai cika wuce 2,000 zuwa 2,500 ba. Wato kusan rabin abincin yininsa ya ci shi ne ana saura awa ɗaya ya kwanta. Shi yasa da safe baya jin yunwa, rashin karyawar kuma shi zai sake jawo yunwar daren gobe, haka abin ke ta zagayawa.

Matakin farko, kar ka canza komai tukuna, ka rubuta. Kwana uku ko huɗu ka dinga rubutawa a waya ko a takarda: ƙarfe nawa kwaɗayin ya taso, me ka ci tun safe kuma ƙarfe nawa, a ina kake zaune lokacin da ya taso, da kuma awa nawa ka yi barci daren jiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, har alewa da goron da ka tauna ka sa a ciki. Na san mutane da yawa za su tsallake wannan su ce ai sun san kansu, amma dan Allah kar a tsallake, domin a nan ne zaka gane wane irin mai cin dare ne kai. Wani zai ga ranar da ya ci shinkafa da wake da Azahar bai ma tuna da mai shayi ba, wannan matsalarsa rana ce. Wani zai ga ko me ya ci, da zarar ya zauna a benci ɗin nan ko ya kunna fim sai bakinsa ya nemi abin taunawa, wannan sabo ne. Wata kuma zata ga sai ranar da rai ya ɓaci ko tunani ya yi yawa take kwashe cincin ɗin da ke cikin roba.

Mataki na biyu shine ka koyi bambance yunwa da kwaɗayi a daidai lokacin da abin ya zo. Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce ka tambayi kanka, in aka ajiye min sauran tuwon ɗazu ko dafaffen dankali ba mai ba yaji, zan ci? In amsar eh ce toh yunwa ce ta gaske, ka ci abinci, zan faɗi me za a ci a gaba. In kuma ka ji a'a, kai dai tsire ko lemo mai sanyi ko babu, wannan kwaɗayi ne. Yunwar gaske a hankali take zuwa, a ciki ake jinta, kuma tana ƙaruwa in an bar ta. Kwaɗayi farat ɗaya yake zuwa, abu ɗaya yake nema, yakan biyo bayan ƙamshi ko gani, kuma yawanci in ka ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin kana wani abin daban zaka ji ya lafa. Saboda haka sai ka sha ruwa kofi ɗaya, ka tashi daga inda kake zaune, ka duba agogo ka ce sai bayan minti ashirin zan yanke shawara. Ka lura ban ce ka ce wa kanka ba zan ci ba, wannan yakan ƙara wa abin ƙarfi ne, ɗagawa kawai zaka yi.

Mataki na uku shine babba, kuma a nan nake so a fi ba da ƙarfi: gyara cin rana. Mutumin namu na Terminus ba ƙaramin abinci yake ci ba in aka haɗa, matsalar ita ce duk abin da ya ci kafin dare fulawa ne da suga da tsaba, burodi, fanke, lemo, tuwo. Irin waɗannan suna saurin narkewa, suga ya hau a jini ya sauko, bayan awa biyu ko uku ciki ya sake nema. Abin da ke riƙe ciki ya daɗe shine furotin da kuma abinci mai harza irin wake da ganye. Kuma Alhamdulillahi ba sai mai kuɗi ba, ƙosai, alale, awara, ɗan wake, dafaffen ƙwai, gyaɗa, kindirmo, duk suna nan a kowace unguwa.

Da safe zai ce baya jin yunwa, gaskiya ne kuma, saboda indomin jiya. Kar ya tilasta wa kansa babban kwano, ya fara da kaɗan, koko da ƙosai huɗu ko biyar, ko dafaffen ƙwai biyu da shayinsa, kafin ƙarfe tara. In cin dare ya ragu yunwar safe da kanta zata dawo, wannan ma alama ce ta cewa abin ya fara aiki. Da Azahar kuma a zauna a ci abinci na gaske ko da na minti goma ne, shinkafa da wake, ko ɗan wake da ƙwai da kabeji, ko gwaten acca mai ganye da wake. Kuɗin da yake kashewa a wajen mai shayi da daddare shi zai dawo da shi rana, ba wani sabon kashe kuɗi ba ne.

Sai kuma La'asar, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Daga ƙarfe ɗaya na rana zuwa bakwai da rabi na dare awa shida ne da rabi, wanda ya yi wannan tsawon ba komai zai isa gida a yunwace ya ci tuwo da sauri, kuma duk da haka daren bazai bar shi ba. Bayan sallar La'asar a sa wani abu kaɗan a ciki, gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya da ayaba, ko awara uku, ko kofin kindirmo. Gyaɗa cikin tafin hannu wajen giram 30 ce, kalorinta kusan 170, tana riƙe ciki sosai, amma a zuba a hannu a rufe kwalbar, in aka ajiye kwalba a gaba sai an ga ƙarshenta.

Mataki na huɗu, abincin dare. Kuskuren da na fi gani musamman wajen 'yan uwa mata masu son rage ƙiba shine su ce sun daina cin abincin dare gaba ɗaya, ko su sha ruwan Lifton kawai ƙarfe shida. Wallahi wannan shine hanya mafi sauri ta tsintar kai a kicin ƙarfe sha biyu. A ci abincin dare, kawai a gyara shi. Maimakon malmala biyu da miya tsurarta, a yi malmala ɗaya ko ɗaya da rabi, a yawaita miya, a sa wake ko kifi ko nama ko ƙwai gwargwadon hali, a ƙara ganye. Mu a Jos bamu da uzuri a wannan fannin, kabeji, karas, kokumba, latas, koren wake, ga su nan jibge a Farin Gada, garin ma da su aka san shi. Kwaɗon kabeji ko na zogale da ƙuli a gefen tuwo yana canza dare gaba ɗaya. Lokacin kuma ya zama tsakanin cin da kwanciya akwai awa biyu zuwa uku, wanda ke kwanciya da cikakken ciki shi ne ke fama da ƙwarnafi da zafin ƙirji, wannan zafin kuma ya hana shi barci mai daɗi.

Mataki na biyar shine tsara abin da ke faruwa bayan Isha'i, domin sabo baya tafiya da niyya kawai sai an canza abin da ke tayar da shi. Ka sa wa kanka alamar rufe ciki: an gama cin abinci, an yi Isha'i, ka goge baki da buroshi da makilin ko asuwaki, shikenan. Abu ne ƙarami amma yana aiki, baki mai ɗanɗanon makilin baya son shayi mai suga, kuma a hankali jiki ke sabawa cewa daga nan an tashi. A gida kar a ajiye cincin da biskit da lemo a ɗakin kwana ko inda ido zai dinga faɗawa kansu, in na yara ne a sayi iya na ranar ko a sa su can saman kabad. In bidiyon girki kike kallo a TikTok kina kwance, ki sani ganin abinci kaɗai yana tayar da kwaɗayi, ki bar shi sai da rana.

Maganar majalisa kuma, bazan ce wa kowa ya daina zama da abokai ba, zumunci ne kuma a nan ake jin labarin gari. Amma in majalisarku a jikin teburin mai shayi take, ƙamshin albasa da attaruhu a kasko na dukan hancinka awa biyu, toh ka matsa ka zauna ta inda hayaƙin baya zuwa, ko ka je da wuri ka tashi goma, kafin lokacin da kowa ke fara oda. Ka faɗa wa abokan ma kai tsaye, "ni fa na rage cin dare, kar wanda ya sa a dafa da ni", domin sau da yawa ba kai ka saya ba, wani ne ya ce Malam a ƙara ɗaya.

Sanyin garin nan shima sai an yi mai dabara. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma cikin hunturu abin da jiki ke nema da daddare sau da yawa ɗumi ne, shi yasa rai ke tafiya wajen abu mai tururi. Ka gwada sa rigar sanyi da safa da hula tukuna, sannan ka sha ruwan zafi da aka dafa da citta da kanumfari ba suga ko da ɗan kaɗan, a dafa a zuba a fulas tun da Magariba. Abin da za a kiyaye shine ganyen shayi da kofi da goro da lemon kwalba baƙi, duk suna da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kuma kafeyin yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha shayi mai ƙarfi sha ɗaya na dare, ƙarfe huɗu na asuba rabinsa na nan yana aiki. Daga La'asar a tsayar da su in ana iyawa.

Toh in an yi duk wannan kuma yunwa ta gaske ta zo fa? A ci, kwana da yunwa mai tsanani yana hana barci kuma gobe a rama. Sai dai ya zama abin da aka riga aka tanada, kaɗan, a faranti, a zaune, ba a tsaye gaban firij ba. Dafaffen ƙwai ɗaya da kokumba, ko kofin kindirmo ba suga, ko ayaba ɗaya da 'yar gyaɗa, ko alale ɗaya, abin da bai wuce kalori 150 zuwa 200 ba. In kuma a wajen mai shayin kake kuma ka riga ka yanke sai ka ci, ka rage odar: indomi ɗaya ƙarama, ƙwai ɗaya, ka ce "Malam dan Allah mai kaɗan, a sa kabeji da albasa da yawa", shayi kuma suga cokali ɗaya, ko ka bar shi ka sha ruwan zafi. Wannan kaɗai ya raba wancan lissafin na sama gida biyu. Lemo dai a bar shi, kwalbar roba mai santilita 50 ta lemo baƙi tana ɗauke da suga sama da giram 50, kusan ƙaramin cokali 13, ita kaɗai ta cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga babban mutum a yini.

Barci shine ya rage. Babban mutum na buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma mai tashi Asuba wajen biyar in yana so ya samu hakan dole ya kwanta wajen goma. Mutumin namu da ke kwanciya ɗaya bazai iya tsallakowa goma a dare ɗaya ba, zai yi ta juyi ne a gado ya ƙare da tashi neman abinci. Ya dinga jawo lokacin baya da rabin awa duk bayan kwana uku ko huɗu, ya jona wayar a caji nesa da gado, in ya samu ƙailula ta minti ashirin bayan Azahar ya yi. Makon farko zai ji jiki, daidai sha ɗaya da rabi cikinsa zai yi ƙugi ko da ya ƙoshi, saboda girelin yakan hau a lokutan da mutum ya saba cin abinci. Yana sabawa da sabon lokaci in aka daure. Yadda zai gane ana ci gaba shine ya fara jin yunwa da safe, kwaɗayin ya koma wasu darare kawai, zafin ƙirji ya ragu. In wani dare an yi biki ko an ci tsire, washegari a karya kamar kullum, kar a ce za a rama da ƙin cin abinci, shi ke maido da mutum farko.

Masu aikin dare irin ma'aikatan jinya da masu gadi da direbobi nasu daban ne, tunda idonsu biyu dole su ci wani abu. Su ci babban abincinsu kafin su shiga aiki, su tafi da ɗan abu mara nauyi na tsakar dare daga gida, in gari ya waye su ci kaɗan kafin su kwanta. Mai ciki da mai shayarwa ma yunwarsu ta gaske ce, su ci, sai dai a zaɓi abin kirki.

Akwai kuma yunwar dare da duk waɗannan matakan ba za su taɓa ta ba saboda ciwo ne, kuma ina roƙon a ɗauki wannan da muhimmanci. In yunwar na haɗe da yawan ƙishi da tashi fitsari sau da yawa cikin dare da ramewa, a je a gwada suga, gwajin safe kafin a ci komai in ya kai 126 ko sama a awon mg/dL, wato 7.0 a awon mmol/L, sai likita ya sake dubawa. Wanda kuma ya riga yana da ciwon suga yana allurar insulin ko shan ƙwaya irin gilibenkilamaid, in ya farka da gumi da rawar jiki da bugun zuciya da yunwa mai tsanani, wannan suganshi ne ya faɗi, maganar jiran minti ashirin bata shafe shi ba ko kaɗan, ya sha suga babban cokali ɗaya a ruwa nan take, ya biyo da abinci, ya kuma sanar da likitansa a gyara maganin. In ciwo ne ko raɗaɗi a saman ciki ke tashinka tsakar dare kuma yana lafawa in ka ci abu, zai iya zama olsa, akwai gwajin ƙwayar cutar da ke jawo ta kuma tana da magani, ba a yi ta toshe ta da burodi da madara ba. Magungunan ƙara ƙiba da ake saya a kemis ba takardar likita, waɗanda ake kira sha ka fashe, da irin su deksametason da firednisolon, suna buɗe ciki sosai, wanda ya daɗe yana shan waɗannan biyun kar ya yanke su lokaci ɗaya da kansa domin yana da haɗari, likita ne zai rage mai a hankali. Sannan akwai wanda ke farkawa daga barci aƙalla sau biyu a mako ya ji bazai iya komawa ba sai ya ci, ko kuma kashi ɗaya cikin huɗu na abincin yininsa bayan abincin dare yake cinsa, an yi watanni a haka, sau da yawa tare da damuwa da rashin barci. Likitoci sun san wannan lalurar tun 1955 kuma ana kula da ita, a je asibiti da takardar nan ta kwana uku ko huɗu da aka rubuta a matakin farko a nuna wa likita.